Tallar turare: me za mu rubuta maimakon "ƙamshi mai ratsa zuciya"?

Ramatu (Tawa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da damuwa, kuma ina son waɗanda suka riga mu a sana'ar nan su taimaka mini. Watan jiya wata baiwar Allah daga Abalak ta ga tallata a waya, ta sayi kwalba huɗu na turaren mai, na kai tasha aka tafi mata da su. Abin da na rubuta a tallar shi ne: "Ƙamshi mai ratsa zuciya, na manyan mata, yana daɗewa sosai, kwalba babba." Kwana biyu sai ga kiranta, ranta a ɓace. Ta ce ita mai zaƙi take so, wannan kuwa hayaƙi-hayaƙi yake yi kamar an ƙona itace. Ta ce kwalbar da na kira babba ba ta kai tsawon yatsanta ba. Ta ce kuma ta shafa da safe, kafin azahar ba ta jin komai. Na karɓi kayana, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Wallahi ban yi niyyar cutarta ba, ni turaren yana yi mini daɗi. To yaya mutum zai kwatanta ƙamshi ga wanda bai shaƙa ba?

Sani mai shago (Yamai, Wadata):
Wa alaikumus salam. Hajiya, a ina kike saro naki? In kina neman mai daɗewa na gaske ina da sabon kaya, ki yi mini magana ta gefe.

Ramatu:
Malam Sani, ba kaya nake nema ba, kayana suna da kyau. Rubutun tallar ne ya ba ni matsala.

Hajiya Rabi (Tawa):
Ramatu ɗiyata, ki yi haƙuri. Matar nan ba ta yi miki ƙarya ba, ke ma ba ki yi mata ba. Abin da ya faru shi ne ba ki gaya mata komai ba. Sake karanta abin da kika rubuta. "Mai ratsa zuciya": zuciyar wa? "Na manyan mata": ni ma babbar mace ce, ƙanwata ma haka, amma abin da nake so ita kanta yake sa wa ciwo. "Sosai" awa nawa ce? "Babba" mili nawa ce? Kalma huɗu kika ba ta, ita kuma ta cika kowace da abin da ke ranta.

Na fi shekara ashirin ina haɗa humra da turaren wuta, kuma na daɗe ina sayar da na kwalba. Wanda yake nesa abu uku yake son sani kafin ya turo kuɗi: me yake kama da shi a hanci, yaushe yake mutuwa, kuma nawa ne a cikin kwalbar. Bari in fara da na farko, don shi ne mai wuya.

Turare ba ƙamshi ɗaya ba ne, hawa-hawa yake fitowa. Wanda kike ji da kin buɗe kwalba shi ne mafi sauƙi, irin su ɓawon lemu, lemun tsami, na'ana'a. Wannan bai cika wuce minti goma sha biyar zuwa rabin awa ba, ya tashi. Bayansa na tsakiya ya fito, irin su wardi, yasmin, kanumfari, kirfa, ya yi 'yan awoyi. Daga nan sai na ƙasa, masu nauyi, sandal, miski, ud, jema, lubban. Su ne suke kwana a jikin tufa. Mai saye da ya shaƙa bakin kwalba a kasuwa hawan farko kawai ya ji, amma wanda zai wuni da shi na ƙasan ne. Shi ya sa in za ki rubuta, ki faɗi dukan ukun, kuma ki faɗe su da abin da kowa ya sani a madafa ko a ɗakin amarya. Kowa a Adar ya san warin kanumfari, ya san kajiji, ya san jema in an yayyafa mata ruwa. Babu wanda ya san ƙamshin "sarauta".

Abdul Azizu (Yamai):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma ni ina ganin akwai hanya mai sauƙi da ta fi wannan. Ni kawai sunan turaren da yake kama da shi nake rubutawa. In na ce irin Bintu Sudan ne, an gama magana, babu tsohuwar da ba ta san shi ba. Me zai sa in zauna ina lissafin kirfa da kanumfari?

Hajiya Rabi:
Abdul Azizu, a kan Bintu Sudan ka yi gaskiya, don wannan ya shiga kowane gida. Amma turare nawa ne suka kai shi sanuwa? In ka rubuta sunan wani na Faransa ko na Dubai, mutum goma za su karanta, biyu ne suka taɓa jin na asalin. Su biyun kuma su ne za su dawo maka da shi, don na kwaikwayo yakan yi kama da na asali a rabin awar farko, daga baya ya kama gabansa. Ka rubuta sunan in kana so, amma ka ƙara da inda suka yi kama da inda suka rabu.

Zainabu (Konni):
Ni fa ban yarda a zubar da kalmomi masu daɗi ba. Kasuwa ce. In na rubuta "kirfa da kanumfari" sai a ce kayan yaji nake sayarwa. Ranar da na sa "ƙamshin amarya" a hoto na fi yin ciniki, na gwada na gani.

Malam Isuhu (Tawa):
Zainabu, "ƙamshin amarya" ba ɗaya yake da "mai ratsa zuciya" ba. A wajenmu in an ce ƙamshin amarya, mutum ya san ana nufin humra, sandal, farce, hayaƙin turaren wuta. Kalmar tana nuna wani abu. Wadda Hajiya take ƙi ita ce wadda za ki iya ɗauka ki liƙa wa kowace kwalba a shagonki ta zauna daidai. Ni haka nake gwadawa: in kalma ta dace da turarena duka, ba ta kwatanta ko ɗaya ba.

Zainabu:
To na ji wannan. Amma dai a saman hoto sai na sa abin da zai tsayar da mutum, bayanin ya zo daga ƙasa.

Ramatu:
Hajiya, na gane na farko. Amma maganar daɗewa ce ta fi ɗaure mini kai. Ni da na gwada shi, har dare ina jin sa a jikina. Ita ta ce kafin azahar ya ɓace. Turare ɗaya ne, daga galan ɗaya na ɗura.

Hajiya Rabi:
A ina kika shafa shi, kuma wace riga ce a jikinki ranar?

Ramatu:
A wuya da bakin mayafi. Rigar daga cikin akwati na ɗauko ta.

Hajiya Rabi:
Akwatin da kike turarawa?

Ramatu:
E, ita ce.

Hajiya Rabi:
To kin ga inda aka samu matsala. Abin da kika ji da dare rabi mayafi ne, rabi kuma hayaƙin da ya riga ya kama rigar tun cikin akwati. Tufa tana riƙe turare fiye da fata nesa ba kusa ba, don ba ta da ɗumi kuma ba ta zufa. Ita kuwa baiwar Allah mai yiwuwa a hannu ta shafa, ta shiga aikin gida, ta wanke hannu sau nawa, ta yi alwalar azahar. Me zai rage?

Ga yadda nake gwada sabon kaya kafin in rubuta ko harafi ɗaya. Da safe bayan wanka da sabulun da ba shi da ƙamshi, ba na shafa man jiki mai turare, kuma ba na kunna kasko a ɗakin ranar. Ina ɗiga ɗigo ɗaya a damtse, sama da gwiwar hannu, inda ruwan alwala ba ya kaiwa. Wannan ki riƙe shi da kyau, don yawancin masu gwadawa a wuyan hannu suke sawa, su yi salla biyu, su ce turaren ba ya daɗewa. Sai in ɗiga wani ɗigon a ƙyallen auduga wankakke, in rataye shi a inuwa. Ina da ƙaramin littafi. Bayan minti biyar in rubuta abin da na ji. Bayan rabin awa in sake. Sai awa biyu, awa huɗu, awa takwas. Ƙyallen kuma in duba shi washegari da jibi.

Kuma ba hancina kaɗai nake yarda da shi ba. Hanci yana sabawa da abin da ke jikin mai shi, bayan ɗan lokaci ya daina kai labari. Don haka nake kiran jikata, in ce ta tsaya nesa da ni kamar tsawon hannu, in tambaye ta ko tana ji. Sa'ad da ta ce sai ta matso ta sa hanci sannan take ji, in rubuta lokacin. Lokaci iri biyu nake fitarwa ke nan: lokacin da na kusa da kai yake ji, da lokacin da ya koma sai an sa hanci a fata. Masu rubuta "awa 24" yawanci na biyun suke nufi, kuma a tufa, mai saye kuwa na farkon yake zato.

Abdul Azizu:
Shi ya sa ni nake gaya wa mutane su sayi na mai kawai. Na mai ya fi na fesawa daɗewa ko da yaushe, tunda babu alkol a ciki da zai tashi da shi.

Malam Isuhu:
Ba ko da yaushe ba, Abdul Azizu. Gaskiya ne na mai yana kwanciya a fata ya fita a hankali, na fesawa kuma alkol yana watsa shi a ɗaki tun farko. Amma abin da ke sa daɗewa shi ne mene ne a cikin man. In man lemu ne da furanni masu sauƙi, ko babu alkol ba zai kai la'asar ba. Wani na fesawa mai sandal da miski kuwa zai wuce shi. Sannan ba duk abin da ke cikin kwalbar mai ne turare ba. Ana tsinka shi da wani ruwa marar ƙamshi, wanda ake rubuta DPG a jikin jarkarsa. Ba haramun ba ne, wani man ma bai kamata ya taɓa fata ba sai an tsinka shi. Amma in an zuba da yawa, za ka ji ƙamshi a bakin kwalba, a jiki kuma ya mutu da wuri.

Na fesawa kuma a duba rubutun jikinsa. Wanda aka rubuta Eau de Toilette mansa yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, Eau de Parfum kuma wajen 15 zuwa 20. Wannan yana ba ka haske, amma ba alkawari ba ne, gwaji ne kawai yake raba gardama.

Inna Haɗiza (Buza):
Ni tambayata daban ce. Ɗiyata ta kawo mini farin miski mai kauri, wanda suke ce ma na ɗahara. Kowa a gidan yana cewa yana ƙamshi, ni ko ɗigo ba na ji. Na jabu ne aka ba ta, ko hancina ne ya tsufa?

Malam Isuhu:
Inna, mai yiwuwa ba ko ɗaya. Akwai irin miskin da wasu mutane ba sa jin sa sam, ko suna ji kaɗan, alhali na kusa da su yana ji sosai. Haka Allah ya yi hancin mutane. Tunda mutanen gida suna ji, turaren yana aiki. In dai sauran ƙamshi da warin abinci kina jin su kamar da, kada ki damu. Mu masu sayarwa kuma wannan ya isa ya sa mu riƙa gwada miski da hanci fiye da ɗaya kafin mu rubuta awoyi.

Ramatu:
Allah ya saka da alheri. Saura kwalba. Ni "babba" na ce don a cikin masu ƙwallo a baki da nake da su ita ce ta tsakiya zuwa sama. Mili 6 ce.

Hajiya Rabi:
A hoto kuma kin matso da waya har ta cika fuska, ko ba haka ba? Kowa yana yi. Ga kuma gilashi mai kauri, gindinsa rabi duk gilashi ne, murfi dogo mai ruwan zinariya. Mai mili 3 sai ta yi kamar mai 6. Kalmar "babba" da "ƙarama" ki bar su gaba ɗaya, ki rubuta lamba. A turaren mai abin da aka saba shi ne mili 3, mili 6 da mili 12, waɗanda 'yan Dubai suke kira kwatan tola, rabin tola da tola. In kin ɗauki hoto, ki riƙe kwalbar a tafin hannu ko ki ajiye kwalin ashana kusa da ita.

Sani mai shago:
Tola ai giram 12 ce, ba mili ba.

Malam Isuhu:
Ka kusa, Sani. Asalinta ma'aunin nauyi ce ta mutanen Indiya, giram 11.66. Kwalbar da ake kira tola ita ce ake ƙiyastawa mili 12. Nauyi da cika ba abu ɗaya ba ne, wani man ya fi wani nauyi. Wannan ya shafi mai saro da kilo ya ɗura da mili: kada ya ɗauka kilo guda lita guda ce cif, ya auna nasa. Ni kwalaben banza ma ba na yarda da abin da mai sayar da su ya ce. Ina sayen sirinji sabo a famasi, in ja ruwa mili 6 in zuba. Na taɓa samun wani kwali da aka ce masu 6 ne, mili 5 suka cika har wuya. Da ban auna ba, da na yi ta tauye wa mutane mudu ban sani ba.

In an faɗi mili kuma, mai saye yana iya lissafi da kansa. A ce mai mili 3 jika ɗaya da rabi ce, mai 12 kuma jika huɗu. Ta farko kowace mili ta kama sefa 500, ta biyu wajen 333. Na fesawa ma haka: fesa ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma na mili ce, don haka mai mili 50 tana ba da fesa wajen 500. Mai fesa biyar a rana zai yi wata uku da 'yan kwanaki da ita. In ka gaya wa ma'aikaci haka, ya san abin da ya saya da albashinsa.

Ramatu (bayan kwana uku):
Salamu alaikum. Na yi gwajin yadda Hajiya ta ce, da ƙanwata a matsayin hanci na biyu. Ga sabon rubutun, a gyara mini:

"Turaren mai, babu alkol, kwalba mai ƙwallo, mili 6. Farko yana buɗewa da ɗan yaji kamar kanumfari, wajen minti 20. Daga nan wardi ya fito tare da hayaƙin itace. Ƙarshensa ud da sandal, ba shi da zaƙi. A fata na kusa yana jin sa awa 3, yana nan in an sa hanci har awa 7. A tufa yana kwana. Mansa mai duhu ne, kada a shafa a farar shadda. Na gwada shi a Tawa, a inuwa."

Maganar shaddar na ƙara ne don ƙyallen da na ɗiga wa ya yi tabo ruwan ƙasa, na wanke bai fita duka ba.

Hajiya Rabi:
Madalla, ɗiyata. "Ba shi da zaƙi" ɗin nan ita ce ta fi komai amfani a ciki, da matar Abalak ta ga wannan da ba ta saya ba, da ba ku ɓata ba. Abu ɗaya zan ƙara: ki sa watan da kika gwada. Awa 3 ta lokacin sanyi ba za ta zama awa 3 ba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 mutum yana zufa tun hantsi. Da zafi ƙamshi yana tashi da ƙarfi amma yana saurin ƙarewa. Da hunturu kuma fata ta bushe ba ta riƙewa, sai an fara shafa mai marar ƙamshi. In zafi ya shigo ki sake gwadawa ki canza lambar.

Malam Isuhu:
Ni "ud" ɗin ne nake da magana a kai. Man ud na asali daga itacen da ke fitowa a Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ake tatso shi, kuma tsadarsa ba ta barin a sayar da mili 6 a kuɗin da muke sayarwa. Namu haɗi ne da aka yi ya yi kama da shi. Ki rubuta "ƙamshin ud", ko "irin na ud".

Abdul Azizu:
Haba Malam, kowa ya san wannan ai. Wa zai ba da jika biyu ya zaci ud na asali aka ba shi? Har manyan kamfanoni "ud" suke rubutawa a kwali.

Malam Isuhu:
Kai ka sani don sana'arka ce. Dattijon da zai saya don Juma'a bai sani ba, kuma zai je ya gaya wa abokansa ud ne na gaske.

Abdul Azizu:
To in haka ne sai mu gyara miski da ambar da sandal duka, don su ma yawancinsu haɗi ne. Tallar za ta koma takardar likita.

Hajiya Rabi:
Wannan kam ban yanke ba ni ma. A humrata sandal na itace nake sawa, shi nake kira sandal kai tsaye. Na kwalba kuwa wani lokaci in rubuta "irin", wani lokaci in manta.

Zainabu:
Ramatu, in kin sa sabuwar tallar ki dawo ki gaya mana ko ciniki ya ragu. Ni har yanzu ina tsoron "awa 3" ɗin nan, ga maƙwabciyata tana rubuta kwana biyu.

Ramatu:
Zan dawo in sha Allah. Na tura wa matar Abalak sabon rubutun, na kuma ce mata ina da wani mai zaƙi kamar alewar madara da nake gwadawa gobe. Ta ce in na gama in turo mata awoyin, kuma mai mili 3 za ta fara ɗauka.